Shayi ya zube a kibod ɗin laftof, wasu haruffa sun mutu: me zan fara yi?

"Salam Oga. Shekaranjiya da daddare ina rubuta firojet shayi ya zube min a kibod ɗin laftof ɗina, HP EliteBook 840 G3 ce, shayin da madara da suga, kamar rabin kofi. Na goge da tsumma na cusa ta a buhun shinkafa ta kwana. Da safe ta kunnu lafiya amma 3, E, D da C ba sa yi, yau kuma Backspace ya bi su. Ina Jos, wajen Angwan Rogo. Me zan fara yi, in canza kibod ne ko in jira ta ƙara bushewa?"

Wa'alaikumussalam ƙanena, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Kafin ka gama karanta wannan amsar ka kashe ta tukuna, idan ma da ita kake karantawa to ka koma waya. Kashewa na gaske nake nufi, Shut down, ba rufe murfi ba, don rufe murfi barci kawai take yi wuta na nan na yawo a cikinta. Ka zare caja, ka cire duk wani fulash ko maus da ke jiki. In ta ƙi mutuwa ka danne botin ɗin kunnawa kamar sakan goma har ta ɗauke.

Na san hankalinka na kan kibod, amma ni gaskiya kibod ɗin nan na riga na yi masa ta'aziyya a raina. Abin da nake jin tsoro shi ne madabod da ke kwance a ƙarƙashinsa, wato babban allon da duk kayan laftof ke jone a kansa. Kibod kaya ne da ake cirewa a sa wani, kuɗinsa ba ya kashe mutum, madabod kuwa in ya tafi wani lokaci gara ka ƙara kuɗi ka sayi wata laftof ɗin ta hannu. Kuma abin da ya ɗaga min hankali a bayaninka ba haruffa huɗun farko ba ne, Backspace ɗin nan ne da ya mutu daga baya. Bari in yi maka bayanin dalili, in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Idan ka ɓalle botin ɗaya za ka ga ɗan ƙarfe ko roba mai kamar almakashi, da wani ɗan kofin roba a tsakiya. A ƙarƙashin su akwai ledoji siraran gaske guda uku a manne da juna. Ta sama da ta ƙasa an zana musu layuka da wani fenti mai azurfa a ciki wanda wuta ke bi, ta tsakiya kuma ramuka ne da ita daidai kowane harafi, aikinta ta raba su kar su taɓa juna sai an danna. Ba kowane harafi ke da wayarsa shi kaɗai ba, da haka ne da sai an ja waya sama da tamanin. Layi ɗaya ake ja ya bi ta ƙarƙashin haruffa da yawa, wani layin kuma ya gitta shi, inda suka haɗu nan ne harafin, kamar yadda gidaje da yawa a unguwa ke kan layin wuta ɗaya. In layin ya tsinke a bakin titi duk gidajen da ke bayansa duhu, ko da wayarin ɗin cikin gidajen lafiya lau yake. Yanzu kalli kibod ɗinka, 3, E, D, C, a jere suke daga sama zuwa ƙasa a ɗan karkace, kuma a kibod da yawa layi ɗaya suke sha. Wato ba haruffa huɗu ne suka lalace ba, layi ɗaya ne ya yanke. Shi ya sa duk wanda ya ce maka a ɓalle botin ɗin a goge ƙarƙashinsu ɓata lokaci zai sa ka, ƙila ma ka karya almakashin a banza. Gogewa tana aiki ne in botin yana danƙo, yana maƙalewa ko yana dawowa a hankali saboda suga. Amma wanda yake dannuwa sumul yadda ya saba kuma ba ya rubuta komai, ciwonsa na cikin leda, inda tsumma ba ya kaiwa.

To Backspace fa? Shi can gefen dama yake, nesa da waɗancan, kuma sai bayan kwana biyu ya mutu. Ma'anarsa layi na biyu ya tafi, kuma abin bai tsaya ba, ci yake yi. Ruwa in ya shiga tsakanin ledojin nan tsotse shi suke yi ya bazu, kuma ba shi da hanyar fita da sauri, sama ta bushe ƙarau amma ciki da danshi. In ka haɗa danshi da wuta a kan ƙarfe sai ya fara cinyewa, irin farin garin nan ko kore-kore da kake gani a kan batirin mota. Wutar ba sai ta yi yawa ba, bolt uku da ɗan ɗori da ake duba kibod da shi ya isa. Duk awar da ka yi kana aiki da ita tun jiya abincin tsatsar nan kake ba ta. Akwai kuma wata fassarar da ta fi wannan muni, duk layukan nan suna taruwa ne a wata faffaɗar waya mai kamar ribon da ke shiga kwanekta a kan madabod, ƙafafuwan kwanektan a matse suke kamar haƙoran mataji. In shayin ya gangara can, sai ya riƙa cin ƙafa ɗaya ya wuce ta kusa da ita, haruffan da ba su da alaƙa a ido su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga waje ba wanda zai iya faɗa maka wanne ne a cikin biyun, sai an buɗe.

Kuma kashewar da na ce ka yi ma rabin aiki ce. Muddin batir na jone, akwai ɓangaren madabod da ba ya barci, akwai wani ɗan cif da ke zaune yana jiran ka danna botin ɗin kunnawa, shi ne ma yake karanta kibod yake kula da caji. Batirin irin taka kusan bolt goma sha ɗaya yake bayarwa, caja kuma sha tara da rabi. Don haka aiki na biyu shi ne a raba batir da madabod, yau ɗin nan, ba ranar Asabar ba. Taka batirinta a ciki yake, sai an kwance murfin ƙasa. In kana da ƙaramin sukudireba kuma hannunka ba ya rawa za ka iya, ka kwance sukurorin ka jera su a faranti yadda ka cire su, ka bi gefe da tsohon katin banki a hankali ka ɗaga murfin, kar ka sa wuƙa ko cokali. Sai ka kwance batirin ka ɗauke shi gefe, kar ka lanƙwasa shi kar ka soke shi da komai, in ka ga ya kumbura to ka bar shi wa masu gyara. Bayan ka cire ka danne botin ɗin kunnawa kamar sakan sha biyar ragowar wutar ta fita. In ba ka taɓa buɗe laftof ba, ba abin kunya ba ne, ka sa ta a jaka a kashe ka hau keke zuwa wajen masu gyara a cikin gari, wajajen Ahmadu Bello Way da Taminus ba ka rasa su. Caja ka bar shi a gida ma, kar shaiɗan ya sa ka ce bari in gwada sau ɗaya.

Na san abin da ke ranka, firojet. In ba ka da kwafinsa a ko'ina, akwai hanyar da ba sai an kunna laftof ɗin ba. Fayilolinka suna kan SSD ko hadis ne, kuma a irin taka ana cire shi da sukuru, a sa shi a ɗan akwatin USB a jona da wata kwamfutar a kwashe komai cikin mintoci. Abu ɗaya da zai iya tare ka shi ne in BitLocker, makullin da Windows ke sa wa fayiloli, na kunne, sai ya nemi lambar buɗewa mai lamba 48, wadda yawanci tana cikin akawun ɗin Microsoft da aka shiga da shi. Ka duba ta waya tun yanzu ka rubuta ta a takarda. In kuma ka ga saƙon nan laftof ɗin na kunne a gabanka, to na yarda ka ɗauki minti biyar ka tura folda ɗin firojet kaɗai a fulash, shi kaɗai, ba finafinai da hotunan biki ba, sannan ka kashe.

Maganar shinkafa kuwa, ban san wanda ya fara kawo ta ba amma ya ja mana aiki. Shinkafa ba ta zuƙo ruwa daga tsakanin ledojin da aka manne, abin da take yi shi ne ta cika fanka da ramukan USB da gari, kuma ta kwantar wa mutum da hankali ya kunna da safe. Iskar Jos ɗin nan lokacin hunturu ta fi buhun shinkafa busar da abu nesa ba kusa ba. Kuma ko da ta busar, ai ba ruwa ne matsalar ba. Da ruwan leda ne ya zube da sai in ce akwai fata, shi in ya bushe kusan ba ya barin komai. Shayi in ya bushe suga da madara suna nan daram, kuma suga yana jawo danshi daga iska, ranar da aka yi ruwa ko aka kwana da raɓa sai ya sake jiƙewa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Shi ya sa jira ba zai dawo maka da E ba. Haka handiraya, kar ka kusanto da ita, zafinta na lanƙwasa botin, iskarta kuma tura ruwan take ƙara yi ciki. Shanya a rana tsaka ma batir ba ya so. Abin da ya kamata a yi a daren da abin ya faru shi ne a kashe nan take, a buɗe ta a kife ta a kan tawul kibod na kallon ƙasa, a cire batir, a bar ta a gaban fanka. Wannan ya wuce, na faɗa ne don gaba. Sa'arka ɗaya, laftof ɗin ofis irin su EliteBook da ThinkPad ana yi musu kibod mai ɗan tare ruwa, ƙila shi ya sa ta kunnu ma, amma an yi shi ne don ya ba ka lokacin kashewa, ba don rabin kofin shayi ya kwana a ciki ba.

In ka je wajen mai gyara, kar ka ce masa "kibod zan canza". In ka faɗi haka zai canza maka kibod ya karɓi kuɗinsa, kuma bai yi maka laifi ba, abin da ka nema ke nan. Ce masa shayi mai suga ya zube kwana biyu da suka wuce, kana so a cire batir a ɗaga kibod a duba madabod sama da ƙasa, kuma ka tsaya a wurin ka gani da idonka. Abin da ake nema shi ne tabon ruwan ƙasa mai danƙo, ko farin gari, ko kore a ƙafafun ƙananan kaya, musamman kwanektan kibod da cif ɗin da ke kusa da shi. A duba bakin ribon ɗin ma, layukansa ya kamata su zama tas iri ɗaya, in wasu sun yi baƙi ko sun cinye ka ga mai laifi. Ana wankewa da wani irin sipirit da ake kira IPA, mai ƙarfi, kashi 90 zuwa sama, na 99 ya fi, da burushi mai laushi. Inda suga ya daskare, shi IPA ba ya narkar da suga sosai, mai gyaran da ya san aiki yakan fara da ɗan tataccen ruwa ya narkar sannan ya bi da IPA ya kore ruwan, kuma duk wannan batir na gefe. In ka ga an ɗauko fetur ko tina ka ɗauki kayanka ka yi gaba, suna cin roba. Bayan wanki a bar shi ya bushe sosai, ni nakan bar shi ya kwana gaban fanka, ba na jin kunyar ce wa mutum ya dawo gobe.

Sai gwaji, kuma akwai tsari. A bar ribon ɗin tsohon kibod a cire, a mayar da batir, a jona kibod na USB a kunna. A taka wannan zai yiwu don botin ɗin kunnawa daban yake ba a jikin kibod ba, akwai laftof ɗin da nasu a cikin kibod yake, su sai da dabara. In ta tashi, tana caji, kibod ɗin USB na rubuta komai, Alhamdulillah. Amma kar ka yi saurin murna, kibod na USB ta wata hanya daban yake bi, yin aikinsa bai wanke kwanekta da cif ɗin can ba. Gwajin da ke raba gardama shi ne mai gyara ya ɗauko wani kibod mai kyau irin na laftof ɗin, ya jona ribon ɗinsa kawai ba tare da ya ɗaura ba, ku buɗe Notepad ku danna 3, E, D, C da Backspace. In sun yi, ciwon a tsohon kibod yake, a sa sabo a rufe. In har da sabon kibod waɗannan haruffan dai ba sa yi, to kwanekta ne ko cif, aikin mai gyaran madabod ne mai abin duba ƙananan kaya, kuma ka ga ka tsira da kuɗin kibod ɗin da ka so saya a banza.

Na taɓa samun irin wannan sak. Wata baiwar Allah ma'aikaciya, zobo ya zube mata, haruffa uku suka mutu, aka canza mata kibod a wani wuri komai ya dawo, ba wanda ya leƙa ƙasa. Bayan kamar sati uku ta zo min da ita wai wani harafi yana ta rubuta kansa, ko fasiwod ba ta iya sakawa, kuma caji sai ya ga dama. Da na ɗaga sabon kibod ɗin sai ga jan tabo ya bushe a gefen kwanekta, ƙafafu biyu sun yi kore sun haɗe, tsatsar ta fara tafiya wajen cif ɗin. Na wanke, na canza kwanektan, na ɗinke layi ɗaya da ya cinye da siririyar waya, ta tashi, amma kuɗin da ta kashe ya ninka na kibod ɗin, kuma da ta ƙara sati ban jin zan iya ceto ta. Wankin minti ashirin a ranar farko da ya hana duk wannan.

Tsohon kibod ɗin kuwa kar ka sa rai. Wasu na jiƙa shi a ruwa ko sipirit su shanya, wani lokaci danƙon ya tafi, amma layin da ya riga ya cinye ba ya toho. Ledojin a manne suke a kan farantin ƙarfe, kafin ka kai gare su ka lalata kibod ɗin. Abin daɗin shi ne taka tana cikin masu sauƙi, kibod ɗinta daban yake fita, kuma irinta ta cika kasuwa don haka kayanta ba sa wuya. Akwai laftof ɗin yanzu da yawa da aka narka kibod a jikin murfin sama da ƙananan ƙusoshin roba, MacBook ma da ƙusoshin ƙarfe, su sai dai a canza saman gaba ɗaya ko a yi aikin wahala. Wajen saye a duba lambar da ke kan sitika a bayan tsohon, a dace da ita. Ka kalli Enter ɗinka, in a kwance yake siriri a kawo mai irinsa, in dogo ne a tsaye shi ma haka. In naka na da fitila a ƙasa ka tabbatar wanda za a sa na da ita, za ka ga ƙarin siririn ribon, haka ɗan maus ɗin nan na tsakiyar haruffa shi ma da nasa ribon. Yawanci wanda aka ciro daga wata laftof za a ba ka, ba laifi, ni sau da yawa na fi son na asali da aka ciro a kan sabon da ba a san inda aka yi shi ba. Sai dai kafin a ɗaure sukuru ka danna kowane botin da hannunka a Notepad, har layin F1 zuwa F12, da kibiyoyi, da Shift na hagu da na dama, da Fn tare da ƙara sauti.

Wani zai ce maka ƙila direba ce, wato manhajar da ke sa kibod aiki, ko Windows, a yi fomatin. Kar ka yarda a taɓa Windows ɗinka, direba ba ta zaɓen haruffa huɗu a jere washegarin zubewar shayi. Abu biyu ne kawai daga wannan ɓangaren ke rikita mutane, kuma bayan an gama wanki ake duba su. In botin Shift na dama ya maƙale na sakan takwas Windows na iya kunna Filter Keys, sai kibod ya riƙa yin kamar ba ya ji, ana kashe shi a Settings. Na biyu Num Lock, a laftof ɗin da ba su da gefen lambobi in ya kunnu sai J, K, L su koma 1, 2, 3. Naka ba ko ɗaya a ciki, na faɗa ne don kar a ruɗe ka.

In an wanke madabod amma kuɗin kibod bai samu ba tukuna, za ka iya ƙarasa firojet da kibod na USB, amma a bar ribon ɗin tsohon a cire, don mai ciwon yakan fara danna haruffa da kansa ya hana ka aiki. Ranar da ka manta na USB a gida, a wajen saka fasiwod akwai ɗan tambari a ƙasa gefen dama da ke fito da On-Screen Keyboard ka danna da maus, a cikin Windows kuma ka neme shi a Start da sunan:

```
osk
```

Sati biyu zuwa uku bayan gyara ka sa mata ido. In caji ya fara yankewa, ko tana mutuwa da kanta, ko batir na ƙarewa alhali a kashe take, ko ka ji gefe ɗaya da ɗumi ba a kunna ba, ka cire caja ka mayar da ita wurin wanda ya wanke, akwai inda burushi bai kai ba, yawanci ƙarƙashin cif ne ko bayan madabod ɗin da ba a juya ba.